Hitar Goggo

Katanga ɗaya ce tsakanin Ilu mai gyaran wuta da gidan Abdulsalam mai ƙanƙara a Maigatari, don haka duk faɗan a kunnensa aka yi. Abdulsalam yana ta sababi wai hitar dafa ruwa ta Goggo, ƙanwar marigayi babansa, ita ke sa birekar wutar gidan faɗuwa ƙanƙara tana narkewa, kuma in ta tabbata ita ce, sai dai Goggo ta koma Gagarawa. Tsohuwar tana rantsuwa da muryar da ba ta ƙetare zaure.

Ilu ya yi murmushi. Tun yana yaro yake bin wayoyin gidajen mutane, ya kuma daɗe da gane cewa mai kiransa ba kullum gyara yake nema ba, wani shaida yake so. Ya san Abdulsalam ya yi odar sababbin firiza biyu daga Gumel, ba inda za su zauna sai ɗakin Goggo, kuma dole a nemi mai ja musu waya.

Da aka kira shi, bai ɓata lokaci ba. In lodi ne ya yi yawa, bireka takan jure ɗan lokaci, ta ɗau zafi, sannan ta faɗi. In wayoyi biyu ne suka haɗu, da ƙara take faɗuwa nan take, ka ɗaga ta sake bugawa. Wannan kuwa ba ko ɗaya. Babbar ce ke faɗuwa, mai maɓallin gwaji, wadda ba ruwanta da nauyin kaya, aikinta ta ji wuta ta sulale ta bi ƙasa.

Ya cire komai daga soket, ya shiga mayarwa ɗaya bayan ɗaya. Hita ta tafasa ruwa, bireka ko gezau. Yana jona tsohuwar firiza ta faɗi. Ya zare filogin, ya leƙa baya: robar waya ta tsage, ruwan narkewa yana ɗiga a kanta, wuta na bin jikin ƙarfen. Ya sauya wayar, ya kau da ita daga ruwan.

Abdulsalam ya tsaya a kansa. "Malam Ilu, faɗa mata da bakinka."

Goggo ta zuba wa Ilu ido. Ita ta goya shi ranar da uwarsa ta rasu.

"Hitar ce," in ji Ilu.

Washegari da hantsi aka ɗaure ƙullin kayan Goggo a bayan babur. Ilu yana bakin ƙofa da tef ɗin awo a wuya, zai auna ɗakin. Ya ga igiyar hitar ta leƙo daga ƙullin, ya sa hannu ya zaro.

"Bar mini wannan, Goggo, can ba ku da wuta. Ai lafiyarta ƙalau."