Layin farko kawai na nuna masa

Shekara shida ina tuƙa raksha, wato keke mai ƙafa uku na haya, ta wani a unguwar Alsawra a Umdurman, kullum da yamma in kai masa kuɗinsa in riƙe abin da ya rage. Ƙanena, ɗan baffana, ya zo daga Jazira da jaka ɗaya, ya kwana a ɗakina kusan shekara, ni na koya masa tuƙi. Bai cika shekara biyu a Umdurman ba kawunmu ya yarda ya tsaya masa a banki ya sayi raksha ta kansa. Ni kuwa sau biyu na roƙi kawun nan, ya ce in yi haƙuri.

Wata Juma'a da hantsi ya same ni wurin mai shayin bakin tasha, da takardu biyu a hannu. Bankuna biyu ne, kowanne zai sayi rakshar ya sayar masa da riba a sama, ya biya cikin wata goma sha biyu. Ɗaya ya rubuta riba sha takwas cikin ɗari, ɗaya ashirin da huɗu. Ya ce shi lissafi na sa masa ciwon kai, ni ne na taɓa cin bashin firiji, in duba masa. Mai shayi ta yi masa tsiya, wai attajiri bai biya shayin jiya ba. Kowa ya yi dariya, ni ma na buɗe haƙora.

Bashin firijin nan ya koya mini inda ake dubawa. A takardar sha takwas, ribar kowane wata iri ɗaya ce daga sama har ƙasa, domin a kan dukan kuɗin aka lissafa ta, kamar ba ka taɓa biyan komai ba. A ta ashirin da huɗu, biyu cikin ɗari ne a wata, amma a kan abin da ya rage a wuyanka, don haka ribar tana raguwa kowane layi. Na haɗa ta a raina: a kowane fam ɗari, sha uku ce a shekara, waccan kuwa sha takwas cur. Mai babbar lamba ita ce mai sauƙi.

Abu ɗaya ne a kanta: biyan watannin farko ya ɗan fi nauyi. Sai na ninke takardun biyu, na jera layin farko da layin farko, na ɗora yatsa.

"Kai da idonka, wanne ya fi yawa?"

"Wannan, Yaya."

"To, kuma sha takwas da ashirin da huɗu, sai an kira malami?"

Ban yi masa ƙarya ko ɗaya ba, da wannan na riƙa lallashin kaina. Ya ɗauki ta sha takwas, ya sa hannu a cak goma sha biyu, kamar yadda ake yi a nan, kuma kowa ya san cak ɗin da ya dawo babu kuɗi yana iya kai mutum gidan yari.

Da ya kawo rakshar unguwa, da leda a kujera da geza a rufi, aka yanka tunkiya. Na ci naman, amma bai yi mini daɗi ba. In na hango ta a layi ina sake hanya.

A wata na goma injin ya tsaya. Gyaran ya cinye ajiyarsa, aka shiga na sha ɗaya kuɗin cak bai cika ba. Da ɗaya takardar ya ɗauka, a lokacin biyansa ya sauko sosai, kuma abin da ya rasa bai kai bambancin ba. Wannan lissafin ma na yi shi, ba wanda ya sa ni. Kawu ya ce in cak ya dawo, gara a sayar da rakshar da a ɓata masa suna.

Watan nan ni ne da ɗaukar adashinmu na direbobi, wanda na ƙwallafa rai zan fara tara na tawa rakshar da shi. Na kai wa ƙanen nawa. Ya fara sa mini albarka a gaban matarsa, sai na ce ya dakata, na gaya masa yadda na ninke takardun. Matar ta ɗauke kofin shayin da ta ajiye mini. Shi kuwa ya ce:

"Zan karɓa, Yaya, don ba ni da zaɓi. Amma bashi ne. Ba na son kyautarka."

Cak bai dawo ba, raksha ta zama tasa. Ya biya ni cikin wata huɗu, ta hannun mai shayi yake aikowa. Muna gaisawa a masallaci, yana kirana Yaya har yanzu, amma bai ƙara nuna mini takarda ba. Ni kuma, Allah ya yafe mini, in rakshar ta wuce da gezarta har yau sai na bi ta da ido.