Fitilar Hita

Baffa, mahaifinmu, ya rasu cikin kaka, ya bar mana gida a unguwar Takur da tsohuwar mota 'yar Jamus mai shan dizal. A lokacin Dutse ba ta daɗe da zama babban birnin jiha ba, ni kuma sabon ma'aikaci ne, sai motar ta dawo hannuna.

Motar dizal ba a yi mata gaggawa da safe. In ka murɗa makulli rabi, wata 'yar fitila ruwan ɗorawa mai zanen naɗaɗɗiyar waya takan kama a gaban direba. Ita ce fitilar hita. Tana nuna cewa ƙarafan da ke cikin injin suna ɗaukar zafi, domin dizal ba ya kamawa a inji mai sanyi. Sai ta mutu za ka tayar. Da zafi ɗan ƙyaftawa kawai take yi, da sanyi kuwa sai ta ja ka. Ni mai gajen haƙuri ne, na sha faɗa a kanta wajen Baffa.

Inna tana takaba, ba ta fita. Bafulatana ce ta gaske, ko a ranar jana'iza ban ga hawayenta ba, kuma har ya bar duniya ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. Kullum bayan asuba nakan ɗumama motar a tsakar gida, ita kuma tana daga bakin ƙofarta da carbi.

Da sanyi ya shigo, fitilar ta sake hali. Ta kama, ta mutu, na tayar, sai ga ta ta dawo bayan injin ya tashi. Ta yi kamar minti guda tana ci, sannan ta ɗauke. Na faɗa wa Inna don kawai in sami abin faɗa. Ta taso ta leƙo.

Washegari da aka sake, sai ta ce, "Haka yake yi. Sai ya yi sallama ya kai zaure, ya dawo ya tsaya, wai ya manta wani abu."

Gaskiya ne. Baffa bai taɓa fita sau ɗaya ba, kuma bai taɓa faɗar abin da ya manta ba. Na ce, "Inna, waya ce kawai."

Ta ce, "Na sani. Wanda ya tafi ya tafi."

Amma daga ranar sai ta riƙa buɗe ƙofar motar ta zauna a gaba, ita da duk rayuwarta baya take zama. In fitilar ta dawo, sai ta zuba mata ido har ta ɗauke, sannan ta sauka ta ɗora koko. A waɗannan makonni ne ta koma cin abinci sosai. Ni kuwa na fara jin tsoron kallon kujerar da nake zaune a kai.

Motar dai ƙara lalacewa take yi. Sai na daɗe ina murzawa kafin ta kama, ta yi ta kakkarwa, farin hayaƙi mai warin ɗanyen dizal ya cika gidan. Ga takaba ta kusa ƙarewa, kuma ni zan kai Inna Aujara ta yi wa dangi bangajiya. Na kai ta wajen makanikin Baffa, wani dattijo Kirista mutumin Filato.

Ya ce, "Ɗana, a irin wannan motar, in fitila ta dawo bayan inji ya tashi, ƙara take kawo maka. Ɗaya daga cikin hitocin ta ƙone. In ka ga fitilar ta ƙi kamawa sam da sanyi, shi ma matsala ce." Ya gwada su ɗaya bayan ɗaya, ya sami wadda ta mutu. "Ka bar ta haka, wata safiya za ta ƙi tashi, batirinka ma ya bi."

Na tsaya jim. Ya ɗauka kuɗi nake tunani. Na ce ya canja.

Ban faɗa wa Inna ba, na rasa ta inda zan fara. Da safe ta shigo ta zauna, ta gyara mayafinta. Fitilar ta kama, ta mutu. Murɗa ɗaya injin ya tashi, lafiya lau, babu hayaƙi. Muka zauna muna kallon wajen, baƙi ƙirin.

Ta ce, "Kashe ka sake."

Na sake. Injin ya ɗan yi ɗumi, fitilar ta yi ƙyaf ta mutu, shi ke nan.

"Ka kai ta gyara?"

"E, Inna. Da ba za ta kai mu Aujara ba."

Ta gyaɗa kai. "Ka kyauta. Allah ya yi albarka." Ta buɗe ƙofa, ta sa ƙafa ɗaya a ƙasa, ta daɗe a haka ba ta juyo ba. Da ta yi magana, muryarta ba irin wadda na sani ba ce.

"Da dai ka bari sanyin ya wuce."