Bargon da Ya Ƙi Kwanciya

Shekara talatin Gwana ta yi tana koyar da saƙar kwarashi a barandar gidanta, kuma darasinta ɗaya ne: "Ja zare!" Saƙarta a matse take, ko iska ba ta ratsawa. Ɗaliba ɗaya ce ta gagare ta, 'yarta ta cikinta, Auta. Hannun yarinyar sako-sako ne, har wata rana Gwana ta ƙwace ulun ta ce ta je ta nemi wata sana'ar. Daga ranar Auta ba ta ƙara zama a barandar ba.

Da cikin Auta ya tsufa, Gwana ta ƙudura za ta saƙa wa jaririn bargo da dogon kwarashin nan da ake yayi, wanda ake tara idanun saƙa a jikinsa a tafi, a sauke su a dawowa. Wa za ta tambaya? Ita da ake tambaya!

Layi goma ta yi, gindin bargon ya nannaɗo sama kamar tabarma. Ta ƙara matse hannu, ya ƙara naɗewa. Ta danne shi da katifa kwana biyu, tana ɗagawa ya koma yadda yake. Har zama ta yi a kansa tana tsince shinkafa.

"Kin ga gwanar gari," ta ce wa kanta, "yau tsumma ya fi ki taurin kai."

A haka Auta ta shigo ta same ta. Ta zaro bargon, ta juya shi, ta danne dariya.

"Umma, ai wannan saƙar ba a juya ta. Kullum ta fuska kike tsinto idanun, zaren kuma yana taruwa a baya ya yi kauri. Bayan ne ke turo bakin gaba. Sai kin ɗauki kwarashin da ya fi wannan kauri, ki fara da 'yan layuka kina kawo zaren gaba, in kin gama ki yi masa baki ki jiƙa ki shanya a miƙe."

"Ke a ina kika sani?"

"Shekara shida ina yi. Hulunan da kika yaba a kan 'ya'yan Yaya, nawa ne."

Kunya ta rufe Gwana. Ta tuna har cewa ta yi mai hulunan ta sami malama ta ƙwarai.

Ta warware aikin mako biyu da hannunta, ta gyara wa Auta wuri a tabarma. Ido uku Gwana ta tsinto, yatsunta suka koma halinsu na matse zare. Auta ta dafa mata hannu a hankali.

"Umma, saki zare."

Ta saki.