Tsagar Baba Kimba

Inoussa mai hoto ya fi shekara ashirin yana goge fuskokin mutanen Zongo. Shagonsa na bayan layin masu tsire, kuma duk wanda ya shiga da ƙuraje zai fito a takarda sumul, har da ƙarin haske. Mu muka ɓata shi, don abin da muke so ke nan. Ni kaina ya taɓa mayar da ni saurayi, ban kuma yi ƙorafi ba.

Da na'urar AI mai ƙara girman hoto ta zo, sai ya rungume ta. Ana ba ta ƙaramin hoto, a rubuta mata umarni, ita kuma ta ƙirƙiro abin da za ta cike gurbi da shi. Umarni ɗaya Inoussa ya rubuta da Faransanci, shi yake liƙa wa kowa: fuska kyakkyawa, fata mai santsi, babu tabo.

Wata rana Kadidja, mai sayar da atamfa a kasuwar Assigamé ta bakin teku, ta kawo hoton mahaifinta, Baba Kimba, wanda ya zo daga Gaya da fataucin shanu ya rasu tana yarinya. Hoton tsohon katin shaida ne, bai fi babban yatsa ba, danshin teku kuma ya fara cinsa. Babu wani hotonsa sai shi, 'ya'yanta kuma ba su taɓa ganin kakansu ba.

Inoussa ya kwafe hoton a kwamfuta, ya liƙa umarninsa na kullum. Abin da ya fito mutum ne kyakkyawa, goshi na sheƙi kamar sabuwar butar roba.

"Inoussa, wane ne wannan?" in ji Kadidja.

"Babanki ne mana, Yaya."

"Ubana yana da tsaga. Ina tsagarsa? Wannan ko rana bai taɓa sha ba."

Gaskiyarta. Na'urar ta ɗauki tsagar gadon da ke kumatunsa a matsayin tabo, ta share, tunda haka aka ce mata. Ina shagon ranar, kuma Inoussa ya ba ni tausayi.

Ya goge umarnin duka. Ya ce Kadidja ta zauna ta faɗa masa mutumin, shi kuma yana rubutawa: dattijo baƙi, fatar da rana ta gasa, ƙananan ramukan fata a bayyane, tamoji a goshi da gefen ido, tsagar gado a kumatu, furfura a gemu, hula saƙar hannu, ɗan barbashin tsohon hoto ya zauna yadda yake. A gurbin abin da ba a so ya sa santsi, sheƙi, kwalliya, fuskar roba. Ya rage ma'aunin da ke ba na'urar damar ƙirƙira, ya ɗaga wanda ke riƙe kamanni. Maimakon ya ninka girman da yawa a tashi ɗaya, sai ya ninka biyu, ya duba, sannan ya ƙara.

Da farko ya zarce. Ramukan fatar suka yi yawa har fuskar ta koma bawon lemo, sai ya sassauta kalmomin. A hankali mutumin ya fito. Kadidja ta kai yatsa kan gilashin kwamfutar, daidai kumatun dama inda tsagar ta dawo, ta ce, "Voilà. Shi ne." 

Saura kumatun hagu. A tsohon hoton wannan gefen inuwa ce, danshi kuma ya cinye sauran. Duk lokacin da Inoussa ya sake gwadawa, na'urar sai ta zana wani abu dabam: yanzu layuka dogaye, an jima gajeru, wani lokacin babu komai. Kowanne kuma ya yi kama da gaske, abin da ya fi tayar mini da hankali ke nan.

"Yaya, a nan babu abin da na'urar take gani, zato take yi," in ji Inoussa. "Ki faɗa mini yadda tsagar hagu take, in rubuta mata."

Kadidja ta ƙura wa hoton ido. Ta ce kamar irin ta dama ce. Sai kuma ta ce a'a, kamar akwai wata gajera a ƙarƙashin ido. Ta rufe ido ta daɗe, tana shafa nata kumatun da ba a taɓa tsagawa ba. Innarta da za a tambaya ta rasu, 'yan Gaya da suka san shi ma sun ƙare.

"Zan iya zaɓar miki wadda ta fi kyau," in ji Inoussa a hankali. "Yaran ba za su gane ba."

"Ni zan gane," ta ce. Ta share ido da gefen gyale. "Mayar da inuwar, Inoussa. Iyakar abin da ya rage mini ke nan."