Katin Kufai

Ina da laifi a kan kalma ɗaya, kuma har yau ban biya ba.

A zamanin Turawa na yi wa wani Bature tafinta. Ba mai mulki ba ne, kalmomi yake tarawa don ya yi ƙamus. Karatuna bai wuce elemantare ba, amma ina jin Turanci daidai gwargwado. Yana da akwati cike da katuna, kowace kalma da nata. Sai ya sa a faɗe ta sau uku, ya sa alamar inda murya ta hau da inda ta sauka, ya nemi jam'inta, sannan a sa ta cikin zance. Ƙa'idarsa ita ce ba ya rubuta ma'ana sai mutum biyu sun ba da ita, kowa daban. Ya kuma hana ni tambayar da za a amsa da i ko a'a, don mutane kan ce i saboda kunyar baƙo.

A Sabon Birni aka haɗa mu da wani tsoho mai saƙar tabarma. Kowace hantsi muna zama gindin tsamiyarsa.

"Ɗana," in ji shi, "tambayi Nasaranka, maganag ga da yaka tarawa, rumbu za shi yi mata?"

Baturen ya yi dariya da na fassara. Sun shaƙu, har ranar da muka zo kan kalmar kufai.

Baturen ya riga ya samu kalmar a Katsina da Kano: wurin da gari ya tashi, ba kowa. Tabbatarwa kawai yake so. Tsoho ya ajiye kabarsa.

"Wa yac ce babu kowa? Kufai da masu shi. Muddin akwai mai iya tsayawa shi ce nan gidan wane, nan rijiya, nan anka rufe wance, to kufai ne. Ran da mai faɗin ya ƙare, daji ne."

Baturen ya gwada shi yadda ya saba. Ya ce in matafiyi ya ga tudu da fasassun tukwane, bai san mutanen ba, me zai kira wurin?

"Shi tambaya tukuna. In bai samu mai sani ba, bai ga kufai ba."

Baturen ya ce wannan abin da tsoho yake ji ne game da wurin, ba abin da kalmar ke nufi a bakin jama'a ba. Tsoho ya ce shi ba jama'a ba ne? Washegari ya kai mu wani fili mai tudu a hanyar Isa, inda aka haife shi. Ya yi ta nuni da sanda, yana kiran gidaje ɗaya ɗaya, yana kaucewa kada ya taka inda ƙofar wani take. Ba komai a wurin sai sabara. Amma na tsinci kaina ina kaucewa ni ma.

A hanyar dawowa tsoho ya kama hannuna. "Masu mulki cikin littafin ga za su koyi Hausa. In an rubuta babu kowa, za su ba wani shi nome inda anka rufe uwata."

Ban fassara wannan ba.

Baturen ya yi adalci. Ya rubuta maganar tsoho da fensir a bayan katin, ya ce in aka samu mutum na biyu zai mai da ita tawada. Ya aike ni kasuwa in nemo. Ni kuwa na gaji, damina ta matso, ina so mu wuce Isa kafin gulbi ya cika. Na samu fatake biyu, baƙi, na ce musu, "Kufai ai wurin da aka watse ne, ba kowa, ko?" Suka ce i mana. Na kawo su, suka maimaita abin da na sa musu a baki.

Ba wannan ne mafi muni ba. Baturen ya juyo ya ce, "Kai fa? Ka taɓa jin an yi amfani da ita yadda tsoho ya ce?" Kakata haka take faɗi. In ta ambaci kufansu sai ta ce, "yana nan tunda ina nan." Ni ne mutum na biyun. Amma na ji kunyar a gan ni ɗan makaranta ina magana irin ta tsofaffin ƙauye. Na ce ban taɓa ji ba.

Ya goge fensirin a gaban tsoho. Tsoho bai dubi Baturen ba, ni ya duba.

"Ɗana, kai ma?"

Ya ɗauki kabarsa ya ci gaba da saƙa.

Bayan shekaru na koma. Tsoho ya rasu. Filin da ya kai mu, gero ne daga wannan gefe zuwa wancan. Ban san ko littafin ne ya jawo ba, wataƙila ko da an rubuta maganar tsoho da an nome. Na shiga cikin kunyoyin, ina ƙoƙarin tuna abin da sandarsa ta nuna. Na tuna rijiyar. Na tuna wani gida na maƙeri, amma ban san ko gabas yake ko yamma ba. Inda uwarsa take kuwa ya ɓace mini sam.

Mai gonar ya hango ni ya ce, "Malam, me kake nema?"

Na ce, "Nan kufai ne."

Ya ce, "Na su wa?"

Na buɗe baki, ban samu suna ko ɗaya ba.