Takardar Wake da Shinkafa da Na Rubuta wa Ni'ima

Ni'ima ƙanwata ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Shekararta tara Innarmu ta rasu, ni kuwa da kyar na ƙarasa aji shida. Daga ranar ni ne mai tukunya a gidanmu na Miri. In dawo gona in hura wuta, ita kuma in kora ta ga littafi. Ko ludayi ta ɗauka sai na ƙwace. Haka ta tashi, shiru-shiru, ba ta musu da kowa, har ta zama malamar firamare. Da Mahfuz, mai gyaran keke Napep a Gwallaga, ya aure ta, kwana uku bakina bai rufu ba don murna.

Ana gobe za ta fara girki ta kira ni a waya, murya ƙasa-ƙasa. Ta ce Baba, wato surukinta, wake da shinkafa da miyar tumatir yake so, murhu ɗaya ne a gidan, kuma dangin miji za su zo cin girkin amarya. A nan na gane ni na cuce ta.

Na yago bayan kwalin sukari na zauna na rubuta. Na ce ta ɗora wake ƙarfe sha biyu da rabi, da 'yar kanwa kamar ƙwayar gyaɗa. In ya tafasa ta janyo garwashi gefe, ta ɗora ƙaramar tukunya a kai, tumatir ya yi ta tsotsewa, sannan mai da albasa. In ladan ya kira azahar ta wanke shinkafa ta zuba a kan waken, ta sa gishiri. In ruwa ya tsotse ta zare itace ta bar shi ya turara. Na ba ɗan acaɓa ya kai mata, ina jin kaina kamar wani malami.

Washegari wajen ƙarfe biyu na isa Gwallaga da sabuwar riga. Na tarar da mata sun cika rumfa, Ni'ima tana durƙushe gaban murhu, ido ya yi ja. Na leƙa tukunya. Shinkafa ta narke ta koma kamar kunu, wake kuwa yana yawo a ciki kamar tsakuwa.

Masallacinmu na Miri sai ɗaya da rabi ake kira, awa guda ke nan wake yana kan wuta. Na bayan ɗakinta kuwa ɗaya saura kwata ya kira. Tana ji ta zuba shinkafa a kan waken da bai fi minti sha biyar ba, daga nan ta yi ta ƙara ruwa tana jiran ya nuna.

Inna Sauda, uwar mijin, ta tambaye ta wa ya koya mata haka. Ni'ima ta ce ba kowa, ita ce ta yi gaggawa. Ina ganin bakin kwalin nan ta tura shi ƙarƙashin tabarma da ƙafa. Wata gwaggon ango ta ce ai boko ba ya dafa wake, aka yi dariya.

Na durƙusa na zaro kwalin na miƙa wa Inna Sauda. Na ce, "Inna, ni ne. Abin da na rubuta ta bi, ba ta tsallake ko layi ɗaya ba."

Gwaggon nan ta karɓe ta karanta da ƙarfi, har da inda na rubuta shinkafa ba daidai ba. Da ƙasa za ta tsage da na shige.

Inna Sauda ba ta yi dariya ba. Ta dube ni ta ce, "Kai Mansir, masallaci huɗu muke ji a gidan nan, wanne kake nufi? Wake ba ladan yake jira ba, yatsa yake jira."

Ta sa aka ɗebo wani waken. Ta zauna a kujera kusa da Ni'ima, ba ta taɓa tukunya ba, baki kawai. Da aka jima ta ce ta tsamo ƙwaya ɗaya ta matse. In ta fashe amma da sauran ƙarfi a tsakiya, lokacin shinkafa ya yi. Miyar dama ta yi kyau, mai ya taso sama, aka bar ta a gefen garwashi. Ni aka bar ni da faskare, na yi ta yi ba na ɗaga kai.

Sai bayan la'asar aka kai wa Baba kwano a zaure. Ina laɓe a bakin ƙofa. Can Mahfuz ya shigo da kwanon ba ko ƙwaya, ya ce Baba yana tambaya ko da ƙari.

Ni'ima ta rufe fuska da mayafi ta miƙa hannu ta karɓi kwanon. Tukunyar farko kuwa ni aka ɗaure wa a bayan babur, na kai wa awakina Miri.