Fuskar Inna Uku a Kwamfuta

Shekara talatin Mai Hoto ya yi a shagonsa mai ƙofa ɗaya da shuɗin labule, kuma in ana maganar gyaran hoto, bakinsa ba ya shiru. Kawo masa hoton da ya ɗan yi dishi-dishi, sai ya zuƙo ido a kwamfuta, ya ƙara wa gefen gashin ido kaifi kaɗan-kaɗan. Da ya ga farin layi ya fara zagaye kunne ko fata ta fara yin tsakuwa-tsakuwa, sai ya ja baya. Amma hoton da mutum ya motsa ana ɗauka, ko kallo na biyu ba ya yi masa. Abin da kyamara ba ta kama ba, in ji shi, babu shi.

Sai ga yayarsa da autansu sun shigo da ambulan. Hoton mahaifiyarsu ne, wadda ta rasu bara, kuma shi kaɗai gare su. Mai Hoto da kansa ya ɗauka, tana juya kai za ta yi wa wani faɗa. Ɗankwali ya fito, kafaɗa ta fito, fuska kuwa ta shafe gefe guda.

“Yaya, wannan ba ya gyaruwa,” in ji Mai Hoto.

“Na mutane kana gyarawa, sai na uwarka ne zai gagare ka?”

Kunya ta kama shi. Ya buɗe sabuwar manhajar nan da ya daɗe yana zagi, mai ƙirƙiro ido da hanci daga fuskokin da ta koya. Sau uku ya saka hoton yana canza ƙarfin gyaran, tsofaffi uku suka fito tar, kowace da kamanninta.

“Ga Inna nan!” in ji Yaya, ta dangwala yatsa kan ta biyu.

“Haba Yaya, yaushe Inna ta yi wannan hancin? Ta ukun ce,” in ji Auta.

Suka juyo kansa, shi da aikinsa kallon fuska ne. Ya buɗe baki zai ce duk ƙarya ce, sai ya ga ta farko ma kamar ita. Ya runtse ido ya nemo Inna a ransa, sai fuskokin ukun suka yi ta shiga gabanta. Tabon nan a kumatun hagu yake ko dama? Anya ma akwai tabo? Tsoro ya kama shi sosai.

Ya goge ukun gaba ɗaya, Yaya na salati. Ya wanke hoton na asali yadda yake, ya miƙa mata.

Ta daɗe tana juya shi a hannu.

“To yanzu wa zan ce wa jikokina wannan ce?”

“Ki ce Inna ce,” ya ce. “Ki yi ta kallonsa, Yaya. Ni wadda ke raina ta fara ɓace mini.”